Osimhen uku a gem guda: dalilin da ya sa makin ɗan wasa ke sauyawa ana tsakiyar kaka

A watan azumin 2023, wani ɗan yayata da ke zaune a gidana yana karatun jami'a ya same ni a falo bayan sallar tarawi, ransa a ɓace. Ya ce, "Kawu, ku da kuka karanta lissafi, ku faɗa min: nawa ne makin Osimhen?" Na ce ai shi zan tambaya, tunda shi ne mai kwana a gaban na'urar. Ya ce nan gizo ke saƙar. A katinsa na asali an rubuta 83. Idan ya buɗe wasan sada zumunci bayan ya sabunta jerin 'yan wasa, sai ya ga makin ya ɗara haka. Akwai kuma wani kati mai launi na daban da ake sayarwa a kasuwar gem ɗin da tsada, wanda makinsa ya fi waɗancan biyun. Mutum ɗaya, kaka ɗaya, gem ɗaya, amma lambobi uku. Hukuncin da ya yanke shi ne kamfanin maƙaryaci ne.

Ban yarda da shi ba a daren, ban kuma iya ƙaryata shi ba. Ni malamin ƙididdiga ne, sana'ata ke nan auna abin da ba ya tsayawa wuri guda, don haka tambayar ta zauna min a rai. Abin da na gano daga baya shi ne kowace lamba a cikin ukun amsa ce ga tambaya ta daban, kuma ɗaya daga cikinsu ba ƙwallo take aunawa ba.

Sai mu fara da yadda ake haifar da lambar. Gem ɗin da yaron ke bugawa shi ne FIFA 23 na kamfanin EA Sports, wanda shi ne na ƙarshe da ya ɗauki sunan FIFA. Daga 2023 sunan ya koma EA Sports FC. A cikinsa kowane ɗan wasa yana da siffofi sama da talatin, kowace da makinta da ba ya wuce 99: gudu, iya kammala hari, ƙarfin bugu, wasan kā, riƙe ƙwallo da sauransu. Mutane ne ke sa waɗannan makin. A wata hira da ESPN ta yi a 2016 da Michael Mueller-Moehring, wanda ke kula da rumbun bayanan 'yan wasa a kamfanin, an bayyana cewa suna dogara da masu sa ido kimanin 9,000, cikinsu har da masu horarwa da masu farautar 'yan wasa da 'yan kallo masu tikitin kaka, domin tantance 'yan wasa kusan 18,000. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna inda matsalar take. Ba mai iya kallon mutum 18,000 da ido ɗaya. Ɗan wasan Real Madrid duniya na ganinsa kowane mako, shi kuwa matashin da ke buga wasa a wata ƙaramar gasa, ƙila 'yan tsirarun mutane ne suka ba da shaida a kansa.

Sannan gem ɗin yana fitowa ne a ƙarshen Satumba, an kuma kammala yawancin makin kafin nan. Ke nan lambar da ke kan katin asali hukunci ne a kan kakar da ta wuce, haɗe da hasashen wadda za a shiga. Hasashe kuwa yana iya kuskure, kuma kakar 2022/23 ta Napoli ta nuna girman kuskuren da zai iya yi. Khvicha Kvaratskhelia ya zo ƙungiyar daga Dinamo Batumi ta ƙasar Jojiya a bazarar 2022, aka ba shi 74, makin da bai kai na katin zinare ba, domin zinare daga 75 yake farawa. Kafin kaka ta ƙare ya ci ƙwallo 12 a gasar Italiya, an kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Victor Osimhen ya ci 26, ya fi kowa, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. Da gem na gaba ya fito, Kvaratskhelia ya koma 86, Osimhen 88. Tambayar da ke gaban kamfani tun watan Nuwamba ita ce: shin za a bar mutane su yi wata goma suna buga gem ɗin da ke cewa gwarzon Italiya ɗan wasa ne na tsaka-tsaki? Wanda ya kalli Napoli ranar Lahadi, ya zauna ranar Litinin ya ga Kvaratskhelia ya kasa wuce ɗan baya guda, zai ajiye abin bugawa ya ce wannan ba ƙwallo ba ce. Gem ɗin kwaikwayo ba shi da jarin da ya wuce kama da gaskiya. Dalili na farko ke nan, kuma shi ne mafi tsafta: gyaran kuskure. Ana yin sa ta sabunta jerin 'yan wasa da ake saukewa ta intanet, wanda a ciki ne ake mayar da wanda ya sauya sheƙa sabuwar ƙungiyarsa, a kuma taɓa makin wanda aka raina ko aka zuzuta. Lamba ta biyu da ɗan yayata ya gani daga nan ta fito.

Yadda ake taɓa makin yana da ban sha'awa, domin babbar lambar da kowa ke gardama a kanta ba ita ake fara sauyawa ba. Ita sakamako ce. Ana ɗaukar siffofin da suka shafi gurbin ɗan wasa, a ba kowace nauyinta, a haɗa. Masu tonon cikin gem ɗin sun daɗe da fitar da ma'aunin da aka yi amfani da shi shekaru da dama ga ɗan wasan gaba: iya kammala hari na da kashi 18 cikin ɗari, sanin inda za a tsaya kashi 13, wasan kā da ƙarfin bugu da riƙe ƙwallo kashi goma-goma, gudu kuwa kashi 5 kacal, saurin zabura kashi 4. Sauran kason ya watsu a kan wasu siffofin.

Mu ɗauki wani ɗan wasan gaba da na ƙirƙira domin misali, mai maki 80 a kowace siffa. Ya yi wata uku yana zura ƙwallo, masu sa ido suka ce an raina shi. Aka ɗaga iya kammala harinsa daga 80 zuwa 86. Ƙarin shida ne, amma idan aka buga shi da kashi 18 cikin ɗari, abin da ya shiga babbar lamba 1.08 ne. Aka ƙara masa biyar a sanin wurin tsayawa, wannan ya kawo 0.65. Jimla 1.73, wato ya tashi daga 80 zuwa kusan 82. Magoya bayansa za su ce an yi masa rowa, maki biyu kacal bayan duk wannan bajinta, alhali a cikin fili an mayar da shi wani mutum daban a gaban raga. A ɗaya ɓangaren kuma, da gudunsa aka ƙara da shida, babbar lamba 0.3 kawai za ta samu, ƙila ma ba za ta motsa ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe abin bugawa ya san gudu ne ke cin wasa a gem ɗin nan. Saboda haka mai kallon babbar lamba kaɗai yana iya ganin sauyi inda babu wani abin kirki, ya kuma kasa ganinsa inda yake. Wannan lissafi ya kuma nuna nauyin tashin Osimhen daga 83 zuwa 88: sai siffofinsa masu nauyi sun ƙaru da kimanin biyar-biyar a tsakaice kafin a samu haka.

Ma'aunin ma ba ya wadatarwa koyaushe. A waccan hirar ta 2016, Mueller-Moehring ya kawo misalin Thomas Müller, da ke Bayern Munich a lokacin, wanda ba shi da wata siffa guda da ta yi fice, amma kullum yana inda ƙwallo za ta faɗo. Idan aka bi lissafi zalla makinsa zai yi ƙasa da abin da kowa ya sani game da shi, don haka da hannu ake ɗaga shi. Na so wannan furuci, domin ya fi abin da mu malamai muke yarda mu faɗa game da makin da muke ba ɗalibai gaskiya.

To amma gyaran kuskure yana da tarkonsa, kuma a nan ne sana'ata ta fi shigowa. Ta yaya za a bambance wanda aka raina da wanda sa'a ta taka wa rawa? A ce akwai ɗan wasan da ainihin iyawarsa ita ce ya ci 15 a cikin kowane hari 100 da ya kai. A wasa biyar ya buga ƙwallo 20 zuwa raga. Abin da ake tsammani shi ne ya ci uku. Amma lissafin yiwuwa ya nuna cewa damar ya ci shida ko fiye ta kai kusan kashi 7 cikin ɗari, wato sau ɗaya cikin goma sha biyar, ba tare da ya ƙaru da komai ba. Idan akwai irinsa 60 a manyan gasannin Turai, a kowane zango na wasa biyar za a samu kamar huɗu da za su ninka abin da aka saba gani daga gare su. Jaridu za su yi ta yabonsu, a ce sun gano sirrin raga. Bayan wata biyu yawancinsu za su koma ukunsu, a ce sun lalace. Ba su gyaru ba, ba su lalace ba. Kamfanin da ya ɗaga makin dindindin saboda wasa biyar zai wayi gari yana bin iska.

Hanyar da masu gem suka bi don kauce wa wannan ita ce raba iyawa da yanayi. Iyawa tana sauyawa a hankali, yanayi kuwa na mako ne. EA ta fara gwada wannan tun a FIFA 09 da wani tsari mai suna Live Season, daga baya a FIFA 13 ta kawo Match Day, inda makin ɗan wasa ke ɗan hawa ko sauka gwargwadon abin da ya yi a 'yan kwanakin nan. Kamfanin Konami, mai gem ɗin da aka sani da PES kafin ya koma eFootball a 2021, ya bi wata hanya da ni a ganina ta fi hikima. Kowane mako yana ba ɗan wasa harafi daga A zuwa E. Harafin ba ya goge makin asali. Abin da yake yi shi ne ƙara ko rage yiwuwar ɗan wasan ya shiga fili da ƙarfinsa a ranar. Mai A ya fi yiwuwa ya tashi da kuzari, mai E ya fi yiwuwa ya zama kaya. Wannan ya yi daidai da abin da ke faruwa a zahiri, domin tashe ba alkawari ba ne.

Football Manager na kamfanin Sports Interactive, wanda a cikinsa mutum mai horarwa ne ba mai bugawa ba, ya fi kowa haƙuri. Makinsa daga 1 zuwa 20 ne, akwai kuma ɓoyayyun lambobi biyu da ke kaiwa 200, ɗaya ta iyawar yanzu, ɗaya ta iyakar inda ɗan wasa zai iya kaiwa. Babban gyaransa na tsakiyar kaka yakan zo ne bayan an rufe kasuwar 'yan wasa ta Janairu, lokacin da aka buga fiye da rabin wasanni kuma shaida ta taru. Ba mamaki ƙungiyar Everton ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin a 2008 don amfani da rumbun bayanansa wajen neman 'yan wasa.

Saura lamba ta uku, wadda ke kan kati mai launi. Ita ce ta fi jan hankalin matasa, ita ce kuma ta fi nisa da ƙwallo. Tana zaune ne a sashen da ake kira Ultimate Team, wanda aka fara a 2009, inda mutum ke tara katunan 'yan wasa ya haɗa ƙungiyarsa. Ana samun katunan ta hanyar buɗe ƙunshi wanda ba a san abin da ke ciki ba, ko a saya a kasuwar gem daga hannun wasu. Ƙunshin kuma ana iya sayensa da kuɗin gaske. Kowace Laraba kamfani kan fitar da Team of the Week, jerin waɗanda suka yi fice a wasannin makon. Abin lura shi ne ba a taɓa tsohon katin ɗan wasan. Sabon kati ake bugawa mai maki mafi girma, a sa shi cikin ƙunshi na mako guda. Wanda ke da Osimhen mai 83 yana nan da 83 ɗinsa. Idan yana son sabon, ya nema. A Janairu a fitar da Team of the Year, a ƙarshen kaka a fitar da Team of the Season, inda katin Osimhen na waccan shekarar ya haura 90 da nisa.

Akwai alama guda da ke tona asirin wannan lamba: ba ta sauka. Ɗan wasa zai iya yin wata uku bai ga raga ba, katinsa na musamman yana nan daram. Ma'aunin da ke hawa kawai ba ma'auni ba ne. Da mai awon hatsi a kasuwar Dawanau yana da mudun da ba ya nuna ragi sai ƙari, da ba wanda zai kira shi mudu. Dalilin rashin saukar a fili yake: mutum ya kashe kuɗi ko ya yi makonni yana wahala kafin ya mallaki katin, idan aka rage masa daraja zai yi fushi ya bar gem. Wasan gaske a nan ba abin da ake aunawa ba ne, hujja ce ta fitar da sabuwar haja. An ma ƙirƙiro katunan da ke jiran abin da zai faru: Ones to Watch, da aka fara a FIFA 17 don waɗanda suka sauya ƙungiya, yana hawa duk lokacin da mai shi ya shiga jerin gwarazan mako, Road to the Final kuma yana hawa idan ƙungiyar ɗan wasan ta tsallake zagaye a gasar Turai, ko da shi yana benci bai taɓa ƙwallo ba. Mai irin wannan kati yana kallon wasan daren Talata kamar mai hannun jari, farashin katin na tashi da faɗuwa ana cikin wasa.

Girman kuɗin da ke ciki ba ɓoyayye ba ne. A rahoton EA na shekarar kuɗi ta 2021, sashen Ultimate Team na dukkan wasanninta ya kawo dala biliyan 1.62, kimanin kashi 29 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin, kuma kaso mai tsoka daga na ƙwallon ƙafa ya fito. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan ƙunshi a matsayin caca a 2018, kuma a Janairun 2019 EA ta daina sayar da kuɗin gem ɗin a ƙasar. Kamfanin bai yarda cewa caca ba ce, kuma wasu ƙasashen ba su bi sahun Beljiyam ba. Ni dai ra'ayina shi ne duk uban da ɗansa ke roƙon kuɗin buɗe ƙunshi ya kamata ya san cewa hawan maki na mako-mako shi ne injin da ke tura roƙon. Ƙungiyar da yaro ya haɗa a Oktoba, wadda ke cike da masu 84 da 85, kafin Mayu ta zama abin dariya a gaban masu 95. An tsara ta ne ta tsufa. A Satumba kuma sabon gem ya fito, kowa ya koma farko.

Ba na cewa dalilin kasuwa ya shafe na gaskiya. Su biyun suna tafiya tare, kuma kowanne na buƙatar ɗan'uwansa: da katunan ba su da alaƙa da abin da ya faru a fili, ba wanda zai damu da su. Abin da mai bugawa ke buƙata shi ne ya iya rarrabewa, kuma hanyar ba ta da wuya. Ya duba ko lambar tana iya sauka. Idan tana hawa tana sauka cikin makonni, yanayi take aunawa. Idan ta sauya sau ɗaya ko sau biyu a kaka ta zauna, gyaran iyawa ne, kuma ya fi kyau ya leƙa ƙananan siffofin ya ga wacce aka taɓa. Idan kuwa sabon kati ne da launinsa da wa'adinsa, haja ce.

Akwai wata iyaka da ta shafe mu kai tsaye. Duk wannan tsari yana aiki ne a kan gasannin da kamfani ya sayi lasisinsu. Gasar Firimiyar Najeriya ba ta cikin EA Sports FC, don haka ɗan wasan Kano Pillars ko Katsina United zai iya cin ƙwallo a wasa goma a jere ba tare da wata lamba ta motsa ba, domin ba shi da lambar tun farko. Sai ranar da ya sa hannu a wata ƙungiyar Turai ko Saudiyya za a ƙirƙire shi, a ba shi makin hasashe irin wanda aka ba Kvaratskhelia, sannan a fara gyara.

Da na gama yi wa ɗan yayata wannan bayani, kwanaki bayan tambayarsa, ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, a cikin ukun wanne ne Osimhen na gaskiya?" Na ce na biyun ya fi kusa, wanda ake gyarawa a jerin 'yan wasa, domin shi kaɗai ne aka sa don ya yi kama da mutumin, kuma shi ne ba a sayarwa. Ya ce ya ji, amma na ukun ne ke ci masa wasa. Ya tambaye ni ko zan ranta masa kuɗin data, domin washegari Laraba ce.